Hotuna biyar ka tura, edita ya ɗauki ɗaya don bango: tambayoyi da amsoshi kan imel ɗin da ya aiko maka

Masu ɗaukar hoto da ke aiki da mujallu ba a matsayin ma'aikatan dindindin ba suna yawan kawo mini tambayoyi iri ɗaya bayan sun karɓi imel ɗin edita. Na yi shekaru ina rubuta irin wannan imel, kuma kafin nan ni ake rubuta wa. Don amsoshin su tsaya a kan abu guda, zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: mujallar wata-wata ta aiki mai hoto marinar Ƙofar Mata da ke Kano, ya dawo ya tura hotuna biyar.

1. Me irin wannan imel yake ƙunsa?

Abu uku ne: wane hoto aka ɗauka, me ya sa, da abin da ake bukata daga wajenka kafin a tura aiki maɗaba'a. A misalinmu, hoto na 1 marinar ce gaba ɗaya a kwance, ramuka a jere da marina da yawa. Na 2 hannuwan marini ne kusa-kusa, sun rine da shuni yana matse zane. Na 3 dattijo ne a tsaye yana ɗago zane daga rami. Na 4 mabuga ne, masu bugun zanen da aka rina, a ɗakinsu mai duhu, na 5 kuma zannuwa ne da aka shanya, wani yaro yana wucewa. Imel ɗin zai iya zuwa kamar haka:

> Salamu alaikum Malam, da fatan ka yini lafiya. Hotuna sun iso, sannu da ƙoƙari. Na 3 muka ɗauka don bango. A tsaye yake, akwai katanga fayau a saman kan dattijon inda sunan mujalla zai zauna, gefen hagu kuma babu komai, kanun labarai za su shiga. Ga shi yana kallon mai karatu. Na 1 ya fi su duka kyau a wurina, amma a kwance yake, za mu ba shi shafi biyu a ciki. Na 2 zai buɗe labarin. Na 4 fuskokin ba su fito ba. Na 5 akwai yaro, ba mu da izinin iyayensa. Don Allah ka turo asalin fayil na 3 ba tare da ka yanke shi ba, da cikakken sunan dattijon da shaidar ya yarda, kafin ranar Laraba da azahar. Kuɗin bango daban ne, takardar tana haɗe. Na gode.

Duk sauran tambayoyin daga cikin waɗannan 'yan layuka suka fito.

2. Edita da kansa ya ce na 1 ya fi kyau. To me ya hana a sa shi a bango?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa mutane rai, kuma na san zafinta. Ka fita tun bayan asuba, ka samu wuri mai tudu ka tsaya, ka jira hasken safe ya faɗo kan ramukan, sai a ce wanda ka ɗauka a tsaitsaye kana shirin tafiya shi ya yi. Amma bangon mujalla wuri ne da hoto yake zaman haya tare da wasu. Sunan mujalla yana cin sama, sau da yawa kashi ɗaya cikin biyar na tsawon shafi ko ɗaya cikin huɗu. Kanun labarai uku ko huɗu suna neman gefe. Kwanan wata da farashi suna neman nasu wurin, haka ma lambar nan mai layuka da na'urar kanti ke karantawa, wadda aka saba ajiyewa a kusurwar ƙasa. Hoton da ya cika ko'ina da abin kallo ba ya bar wa waɗannan masauki. Duk inda aka ɗora rubutu, ko dai an rufe wani abu mai muhimmanci, ko rubutun ya ɓace a cikin hayaniya.

Hoto na 1 kyansa yana cikin faɗinsa ne: ramuka daga wannan gefe zuwa wancan. Idan aka yanke shi ya koma tsaye, fiye da rabinsa zai tafi (lissafin yana tambaya ta 5), abin da ya rage kuma ramuka uku ne da bayan wani mutum. Edita da ya ba shi shafi biyu a ciki ya mutunta shi fiye da wanda zai gutsure shi don ya faranta maka.

3. Me yake nufi da “katanga fayau” da “gefen hagu babu komai”?

Yana nufin wurin da launi yake ɗaya, ba zane, ba rubutu, ba haske da duhu suna sauyawa. A hoto na 3 dattijon yana ɓangaren dama, kansa ya tsaya kusan kashi ɗaya cikin uku daga sama, bayansa katanga ce mai launin ƙasa. Farin rubutu zai fito a kanta, baƙi ma zai fito. Da a ce rabin katangar rana ce rabi inuwa, farin rubutu zai ɓace a rana, baƙi ya ɓace a inuwa, mai tsara shafi ya rasa yadda zai yi.

Ana damuwa da hagu da sama ne saboda yadda ake shimfiɗa mujallu a teburin mai sayar da jarida, wata a kan wata, sai saman kowace ko gefenta ne ke leƙowa. Ga kuma rubutun boko daga hagu ido yake fara shi.

4. Dole ne mutumin da ke bango ya kalli kyamara?

Ba dole ba ne, akwai banguna masu ƙarfi da babu mutum ma a cikinsu. Sai dai idan hotuna biyu suka yi kunnen doki, mai ido yakan yi nasara, domin wanda ke wucewa yakan tsaya idan ya ji ana kallonsa. Hoto na 2 shi ne abokin takarar na 3 na gaske. Hannuwa ne da shuni ya shige har ƙarƙashin farce, ruwan baba yana ɗiga daga zanen. Hoto ne mai kyau ƙwarai, amma wanda bai san marina ba zai ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane abin da yake gani, bango kuwa ba ya samun wannan lokacin. A cikin mujalla, inda mai karatu ya riga ya zauna kuma kan labari yana kusa, nan ne hannuwan za su yi aikinsu.

Akwai kuma abin da na 3 ya kama wanda labarin yake magana a kai. Zanen da aka ɗago daga ramin baba ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai ya sha iska sannan ya juye. A hoton, saman zanen ya fara yin shuɗi, ƙasansa da ya fito yanzu yana nan kore. Sana'ar da mai ita sun haɗu a hoto ɗaya.

5. Wane girman fayil bango yake bukata, kuma yaya zan san nawa ya kai?

Mu ɗauki mujalla mai girman A4, wato milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Maɗaba'a tana so hoto ya zarce gefen shafi da milimita 3 ta kowane ɓangare, domin wuƙar yankan takarda ba ta sauka daidai kullum, idan babu wannan rarar sai farin layi ya fito a gefe. A manhajar tsara shafi sunan wannan rara `Bleed`. Da ita, girman ya zama 216 da 303. Ana so a buga da ɗigon hoto 300 a kowane inci, abin da za ka gani a allo an rubuta `300 ppi`. Idan aka lissafa, ana bukatar ɗigo 2551 a faɗi da 3579 a tsawo.

Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000. Idan ka riƙe ta a tsaye, kamar a hoto na 3, kana da 4000 a faɗi da 6000 a tsawo, har da rarar da mai tsara shafi zai matsar da dattijon sama ko ƙasa yadda yake so. Idan a kwance ne, kamar na 1, tsawonka 4000 ne, ya isa, amma faɗin da zai shiga bango kusan 2850 ne kacal daga cikin 6000. Idan kuma aka ce a jawo marini ɗaya kusa, aka ɗauki rabin tsawon hoton, ɗigo 2000 ke nan za a shimfiɗa a kan bangon duka, ƙasa da 170 a inci. A waya ba za ka ga aibinsa ba, a takarda mai sheƙi gemun mutumin zai zama kamar an shafa shi da yatsa.

Wayar hannu mai megafiksel 12 takan ba da 4032 da 3024. A tsaye ta isa bango da ƙyar, babu rarar kirki. A kwance tana faɗowa kusan 250 a inci, wanda wasu editoci za su karɓa idan hoton ya fito tas.

6. Na riga na tura hoton. Me ya sa yake neman “asalin fayil”?

Abin da ka tura na zaɓe ne, mai yiwuwa ƙaramin JPEG da ka gyara yankansa yadda ya yi maka kyau. Yanzu ana son duk abin da kyamara ta kama, har gefen da ka yanke, domin santimita biyu na katanga da ka cire a sama ƙila su ne mazaunin sunan mujalla. Ka fitar da shi a TIFF ko JPEG mafi inganci, da cikakken girmansa. Wasu mujallu suna neman RAW, ko don gyaran launi ko don su tabbatar ba a sauya komai ba.

Kada ka tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi. Ka sa shi a `Document`, ko ka ɗora a Google Drive ko WeTransfer ka aika mahaɗin. Na taɓa ganin aiki ya tsaya yini guda cur saboda mai hoto yana ƙauye, fayil ɗin da ke hannunmu kuma wanda ya bi ta wayoyi uku ne kafin ya iso.

7. Ya ce fuskokin na 4 ba su fito ba, ni kuma lafiya lau na gan su. Wa ke da gaskiya?

Ka buɗe hoton a kwamfuta, ka kai shi `100%`, ka duba idon mutumin da ya fi kusa. A ɗakin mabuga haske kaɗan ne, kyamara sai ta rage saurin ɗauka kuma ta ɗaga ISO. Sandar bugun da ke sama tana motsi ta yi dishi-dishi, wannan ba laifi ba ne, shi ke nuna ana aiki. Matsalar ita ce kan mai bugun ma yana motsi tare da hannunsa, sai idon ya dushe, inuwar ɗakin kuma ta cika da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. A allon waya duk wannan yana ɓoyewa. Ƙaramin hoto a cikin labari zai iya ɗaukar wannan, bango ba zai iya ba.

8. Shuɗin da aka buga bai kai wanda nake gani a allona ba. Sun ɓata mini hoto ne?

Yawanci ba ganganci ba ne. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take aiki, CMYK, kuma akwai launukan da haske ke iya nunawa waɗanda tawada ba ta kai musu. Shuɗi mai ƙarfi yana kan gaba a cikinsu: idan aka juya shi ba da kula ba, yakan dushe ko ya karkata zuwa shunayya. Ga labarin da duk ransa shuni ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ya rage naka shi ne ka bar hoton a RGB ɗinsa tare da bayanin launinsa, sRGB ko Adobe RGB, kada ka juya shi da kanka, domin juyin ya dogara da injin da takardar da za a yi amfani da su. Kada kuma ka cika masa launi don ya burge a waya, hakan ne ke tura shuɗin inda tawada ba za ta iya binsa ba. Kana da damar roƙon a nuna maka gwajin bugu, ko aƙalla hoton bangon da aka tsara, kafin a rufe aiki. Wannan ma wani dalili ne da ya taimaki na 3: launin ƙasa na katanga da fatar mutum suna fita lafiya a bugu, shuɗin kuma wuri ɗaya yake, ana iya kula da shi.

9. Suna da ikon yanke hotona, ko su juya shi, ko su ƙara masa katanga?

Yankewa kusan kullum tana cikin yarjejeniya, ba a yin bango sai da ita. Gyaran haske da launi don bugu shi ma haka. Sauran biyun ne ya kamata ka yi magana a kansu.

Juya hoto dama ta koma hagu yana jan hankalin mai tsara shafi idan fili ya faɗo a gefen da ba ya so. Ni ban yarda da shi a hoton mutanen gaske ba. Rubutun da ke jikin katanga zai koma baibai, mutumin da ke miƙa abu da dama kuma zai koma yana miƙawa da hagu, kuma duk Bahaushe ya san abin da za a ce a kan dattijon da aka nuna haka. Ƙara katanga ko matsar da abu kuwa ya taɓa gaskiyar hoton. A bangon mujallar National Geographic na Fabrairun 1982, an matso da gine-ginen dala na Giza da ke Masar kusa da juna don hoton da aka ɗauka a kwance ya shiga bango mai tsaye, kuma har yau ana kawo wannan misali duk lokacin da ake maganar amanar hoton jarida. Dalili ke nan edita nagari yake gwammace na 3, wanda ya zo da filinsa, a kan ya tilasta wa na 1 zama abin da ba shi ba. Idan za a taɓa wani abu a hotonka, ka nemi a gaya maka a rubuce kafin a yi.

10. Dattijon ya yarda da baki na ɗauke shi. Me ya sa ake neman shaida?

Domin yarda a ɗauki hoto daban, yarda fuskarka ta zauna a teburin kowane mai jarida wata guda daban. Marina a Ƙofar Mata sun saba da baƙi masu kyamara, yana iya ɗauka kai ma ɗan yawon buɗe ido ne. Ka koma wurinsa, ka gaishe shi, ka nuna masa hoton, ka ce, “Baba, wannan za a sa a gaban mujalla, kowa zai gani, kun yarda?” Idan yana rubutu ya sa hannu a takarda. Idan ba ya yi, ka naɗi muryarsa da saninsa yana faɗin sunansa da yardarsa. Ka tambaye shi yadda yake so a rubuta sunan. Idan mujalla ta fito, ka kai masa kwafi ɗaya da hannunka.

Bangon kuma ana amfani da shi wajen tallata mujallar kanta, shi ya sa editoci suka fi tsananta wa izini a kansa. Hoto na 5 ya faɗi a nan ne: yaro ba ya ba da izini da kansa, kuma ba ka san gidansu ba.

11. Da aka ɗauki hoton, ya zama nasu ke nan?

Abin da ka sa wa hannu ne zai faɗa, don haka ka karanta takardar da aka haɗa da imel ɗin kafin ka tura fayil. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙire shi sai in an yi wata yarjejeniya, kuma sallama haƙƙi ko ba wa wani izinin da ya keɓanta gare shi kaɗai sai a rubuce. Ka duba abu huɗu: shin izinin bugawa ka bayar ko sayarwa gaba ɗaya, tsawon lokacin da ba za ka ba wata mujalla hoton ba, ko izinin ya haɗa da shafinsu na intanet da tallarsu, da kuma inda za a rubuta sunanka. Sunan mai hoton bango yawanci a shafin jerin abubuwan da ke ciki ake sa shi.

Kuɗin bango a al'ada daban yake da na hotunan ciki, kuma ya fi su. Idan imel ɗin bai ambace shi ba, ka tambaya yanzu, kafin ranar Laraba. Bayan an buga, bakinka ba shi da nauyin da yake da shi yau.

12. Hotunan da ba a ɗauka ba fa?

A misalinmu na 1 da na 2 za su shiga ciki, suna ƙarƙashin takardar da aka yi bayani a tambaya ta 11. Na 4 da na 5 ka tambaya a fili ko an sake su. Ko an sake su, ladabin sana'a shi ne kada ka ba wata mujalla hoton aiki ɗaya, ko ka sa a shafinka na sada zumunta, sai tasu ta fito.

13. Ban gamsu da zaɓin ba. Zan iya faɗa masa?

Za ka iya, sau ɗaya, da hujja irin tasa. “Na 1 ya fi kyau” ba hujja ba ce, shi ma ya faɗa. Amma idan kana da wani ɗauka na wurin a tsaye da ba ka tura ba, ko ka san dattijon na 3 ba marini ba ne, ɗan kallo ne ya riƙe zane don hoto, to wannan dole edita ya ji shi nan take. Ka tuna kuma sau da yawa ba shi kaɗai ya yanke ba: mai tsara shafi ya gwada sunan mujalla a kan hotuna biyu ko uku, babban edita ya duba, an kuma ajiye bangunan watannin baya a gefe don kada na wannan watan ya yi kama da su.

Amsar da ta fi amfani gajeriya ce: “Wa alaikumus salam ranka ya daɗe, na gode. Ga mahaɗin fayil na 3 cikakke. Gobe da safe zan koma wurin Baba don izini. Ina roƙon a nuna mini bangon kafin bugu, kuma kada a juya hoton.”

14. Idan aka sake aikena, yaya zan ɗauki hoto da bango a raina?

Kafin ka fita, ka ɗauki mujallar ta watanni uku ka auna da yatsa inda sunanta ya tsaya da gefen da kanun labarai suke zama. A wurin aiki, duk hoton da ka ji ya yi, ka juya kyamara ka sake ɗaukar sa a tsaye, sannan ka ja baya taku biyu ka ƙara ɗauka. Wannan ja da bayan shi ne abin da ya fi wahalar da masu hoto, domin an koya mana mu cika hoto da abin da muke ɗauka, fili a saman kai kuma sai mu ga kamar kuskure ne. Ka ɗauki mutumin a dama, ka sake ɗaukar sa a hagu, don kada wani ya yi tunanin juya hoton. Ka duba abin da ke bayansa: allon talla, wayar lantarki da ta ratsa kai, ko bokitin roba mai launin ja za su yi faɗa da rubutu.

Idan za ka tura biyar, biyu aƙalla su zama a tsaye da fili, kuma ka rubuta a imel ɗinka waɗanda ka ɗauka don bango. Ka cika bayanin kowane hoto a cikin fayil ɗin, a gurbin `Caption` ko `Description`: wane ne, ina ne, yaushe, me yake yi. Sunan mutum da lambar wayarsa ko ta ɗansa ka karɓe su tun kana bakin ramin, kafin ka rufe jakar kyamara.